Shafin LinkedIn na Ɗalibi Mai Neman Gurbin SIWES: Me Za A Rubuta Alhali Ba A Taɓa Aiki Ba?

Duk shekara, idan zangon karatu ya doshi ƙarshe, ɗaliban injiniyanci, kimiyya, aikin gona da makamantansu sukan karɓi wata wasiƙa daga ofishin SIWES na makarantarsu. Wasiƙar tana gabatar da ɗalibi ga duk ma'aikata ko kamfanin da zai yarda ya karɓe shi ya koyi aiki. Hukumar ITF mai hedikwata a Jos ce ta ƙirƙiro wannan shiri a 1973, domin kada ɗalibi ya fita da digiri alhali bai taɓa riƙe kayan aikin sana'arsa ba. Ɗan jami'a yakan yi wata shida, ɗan kwalejin kimiyya da fasaha mai neman ƙaramar difloma yakan yi wata huɗu, sannan akwai shekara ɗaya ta IT kafin ya koma babbar difloma. Sai dai a mafi yawan lokuta makaranta wasiƙa kawai take bayarwa. Neman gurbin na wuyan ɗalibi.

Wanda yake da kawu a ma'aikata, magana ta ƙare. Wanda ba shi da kowa kuwa, shi ne za ka gani yana yawo da fayil a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri, yana ajiye wasiƙa a hannun mai gadi. Da yawa sukan gaji su karɓi duk inda aka samu, ko da wurin ba shi da alaƙa da abin da suka karanta, su ƙare wata shida suna ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, suna cika littafin rahoto da abin da ba su yi ba. Wannan asara ce babba, domin watannin nan shida su ne abu na farko da mai ɗaukar ma'aikata zai tambaye ka bayan ka gama bautar ƙasa.

A nan ne dandalin LinkedIn yake da amfani, in an san abin da ake yi da shi. An buɗe shi a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma masu rajista a cikinsa sun haura biliyan ɗaya. Buɗe shafi kyauta ne ga duk wanda ya kai shekara 16. Ɗalibanmu da yawa suna da shafi a can, amma kango ne: ba hoto, ba bayani, sai suna da sunan makaranta. Idan ka tambaye su dalili, amsar ɗaya ce: "To me zan rubuta? Ban taɓa aiki a ko'ina ba."

Wannan amsar ita nake so mu warware, domin kuskure ce. Injiniyan da zai karɓi ɗalibi ya riga ya san ɗalibi bai taɓa aiki ba. Abin da yake son sani uku ne: me kake karantawa, me hannunka ya taɓa yi ko da ƙarami ne, kuma yaushe kake son zuwa. Shafin da ya amsa waɗannan a cikin daƙiƙoƙin farko ya yi aikinsa.

Misali guda, daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wani ɗalibi ne a aji huɗu, sashen injiniyancin lantarki a Jami'ar Bayero ta Kano. Yana son ya yi watanninsa shida a kamfanin da ke haɗa wutar sola. Ba shi da satifiket na musamman, makinsa matsakaici ne. Amma a hutun bara ya taya wani mai haɗa sola aiki a shagon baffansa: faifan sola biyu masu wat 300 kowanne, batir ɗaya mai 200Ah, da inbata ta 1kVA. Shi ne ya zauna ya lissafa nauyin wutar shagon, ƙwayayen fitila shida da fanka biyu, ya gano cewa batir ɗaya zai isa in ba a jona firji ba. A makaranta kuma ya yi zanen wayoyin gida mai ɗaki uku da manhajar AutoCAD. A wurinsa duk wannan ba komai ba ne, taimakon baffa ne da aikin aji. A wurin mai kamfanin sola kuwa, wannan yaro ne da ya san bambancin wat da amfiya a aikace, wanda ba sai an fara masa daga baƙi ba.

Abu na farko shi ne suna. Mu Hausawa muna da matsala a nan da ba kowa yake lura da ita ba. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a katin makaranta, Mohammed a imel, Muh'd a wasiƙar SIWES, sannan a dandalin sada zumunta ya koma wani laƙabi da abokai suka raɗa masa. Jami'in da ya karɓi wasiƙarka, ya buga sunanka a LinkedIn don ya ga ko wane ne kai, ba zai same ka ba, ko ya sami mutum ɗari masu irin sunan. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a katin makaranta, harafi da harafi. Kada kuma ka maƙala wa kanka Engr. tun kana aji huɗu. A Najeriya hukumar COREN ce take rajistar injiniyoyi, kuma waɗanda suka sha wahala kafin su sami laƙabin ba sa jin daɗin ganinsa a sunan ɗalibi.

Hoto ba ya buƙatar dogon bayani. Fuska a fili, daga kafaɗa zuwa sama, bango mara hayaniya, hasken safiya daga taga. Kaftani da hula sun yi daidai, hijabi ya yi daidai. Hoton biki da aka yanke kafaɗar aboki a gefe ne bai yi ba.

Wurin da ya fi ko'ina muhimmanci shi ne layin da ke ƙarƙashin suna, wanda a dandalin aka rubuta Headline. Shi ne yake bin sunanka duk inda ya bayyana, a sakamakon bincike, a saƙon neman haɗuwa, a ƙarƙashin duk abin da ka rubuta. Idan ba ka taɓa shi ba, dandalin zai cika maka da kansa cewa kai ɗalibi ne a makaranta kaza, kuma haka dubban 'yan makarantarku suke. An ba ka gurbin haruffa 220. Ɗalibinmu zai iya rubuta wannan:

```
400L Electrical Engineering student, BUK | Solar PV installation, AutoCAD | Seeking 6-month SIWES placement, Kano or Kaduna
```

Dubi abin da layin ya ɗauka: ajinsa, fanninsa, makarantarsa, abu biyu da ya iya, abin da yake nema, tsawon lokaci da garuruwan da zai iya zama. Babu kalmar yabon kai ko ɗaya. Dalilin rubuta shi da Ingilishi kuwa shi ne masu bincike da kalmomin Ingilishi suke nema. Mai neman ɗalibi zai buga SIWES ko solar ko intern, kuma injin bincike kalmomin da ke shafinka yake dubawa. Wanda ya cika layinsa da cewa shi haziƙi ne mai hangen nesa ya ɓata gurbi, don babu mai buga waɗannan kalmomi idan yana neman wanda zai hau rufi ya ɗaura faifai. 'Yan'uwanmu na Nijar masu neman irin wannan gurbi da Faransanci za su rubuta, kuma dandalin ya ba da damar a yi shafi ɗaya da harshe biyu, abin da zai amfani mai son ƙetarowa Najeriya ko Ghana.

Kunya da shaida

Sashen About shi ne inda yawancin ɗalibanmu suke tsayawa cak. An tarbiyyantar da mu a kan cewa mutum ba ya yabon kansa, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na neman kowa ya yar da ita. Amma akwai bambanci tsakanin mutumin da ya ce "ni gwani ne" da wanda ya ce "na haɗa faifai biyu da batir ɗaya a shago kaza, ga hotonsu." Na farko yabon kai ne, kuma ba wanda zai iya tabbatar da shi. Na biyu labarin abin da ya faru ne, wanda za a iya zuwa a gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai kunya ma shi ya fi dacewa da wannan salo, domin ba ya buƙatar ƙawata komai, abin da ya yi kawai zai faɗa ya yi shiru.

Gurbin yana ɗaukar haruffa har 2,600, amma kada ka yi ƙoƙarin cika shi. Layuka biyu ko uku na farko kawai ake gani kafin mai karatu ya danna don ganin saura, kuma a waya ma sun fi gajarta. Saboda haka ɗalibinmu zai buɗe da abin da yake nema da watan da zai fara. Sakin layi na biyu ya ba da labarin aikin shagon: abin da aka haɗa, rawar da shi ya taka, da abin da ya koya, misali cewa batir irin na darma ba a son a zuƙe shi fiye da rabi in ana so ya daɗe, don haka lissafinsa a kan rabin ƙarfin batirin ya yi shi. Jimla irin wannan ta fi shafi guda na kirari, domin injiniyan da ya karanta ya san wanda ya rubuta ta ya taɓa wayar da hannunsa. Sakin layi na uku ya faɗi abin da bai iya ba tukuna yake son koya, kamar haɗa manyan na'urori masu layi uku. Ya rufe da adireshin imel mai ɗauke da sunansa na gaskiya.

Faɗin rawar da ka taka yana buƙatar gaskiya tsantsa. Idan taya wani ka yi, rubuta cewa ka taya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan fagen tambaya ɗaya ce take tona shi: "Wane kaurin waya ka yi amfani da shi daga batir zuwa inbata, kuma me ya sa?" Wanda ya yi iƙirarin shi ya haɗa komai ya kasa amsawa ya rasa gurbin, ya kuma rasa mutuncinsa a idon mutumin da wataƙila zai sake haɗuwa da shi bayan shekara biyar. Wanda ya ce tayawa ya yi, in ya ce bai sani ba, sai a koya masa.

Aikin shagon da zanen AutoCAD su shiga sashen Projects, kowanne da wata da shekara, da hoto biyu ko uku: allon da aka haɗa, takardar lissafin da hannunsa, zanen da aka mayar PDF. Ka nemi izinin mai shago kafin ka sa hoton wurinsa. A sashen Education ka zaɓi sunan makarantarka daga jerin da dandalin zai nuna maka har tambarinta ya bayyana. Idan ka buga sunan da hannu ba ka zaɓa ba, ba za a lissafa ka cikin 'yan makarantar ba, kuma nan gaba kaɗan za ka ga abin da hakan zai jawo maka. A sashen Skills kuma ƙwarewa biyar zuwa takwas da za ka iya kare su sun isa. Ɗan aji huɗu da ya jera guda arba'in ya nuna bai san nauyin ko ɗaya ba.

Wanda ba injiniya ba kada ya ce wannan bai shafe shi ba. Ɗalibar akanta da ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashi da cinikin atamfa a Excel tana da abin rubutawa. Haka ɗalibin aikin gona da ya kiwata kaji ɗari biyu ya rubuta abincinsu da rigakafinsu da yawan da suka mutu. Koyarwa a Islamiyya, ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, aikin sa kai a rigakafin shan inna, duk suna da gurbi a Volunteer experience.

Saura ƙananan gyare-gyare biyu. Ka kunna Open to Work, ka zaɓi nau'in Internship da garuruwan da kake so. Za a tambaye ka ko kowa ya gani ko masu ɗaukar ma'aikata kaɗai. Ma'aikacin da ke tsoron ubangidansa ya gani shi ke ɓoyewa. Kai ɗalibi ne, bar kowa ya gani. Sannan ka gyara adireshin shafinka, ka cire tarkacen lambobin da ke bayan sunanka, ka rubuta shi a saman takardar bayanin kanka da kake haɗawa da wasiƙar SIWES.

Shafi ba ya tafiya da kansa

Da yawa sukan gama wannan su zauna jiran kira, kuma kiran ba ya zuwa. Kamfanoni ƙalilan ne suke tallata gurbin SIWES a fili. Yawanci wani ma'aikaci ne yake cewa manaja, "Akwai wani yaro daga makarantarmu." Aikinka shi ne ka zama wannan yaron.

Hanyar tana shafin makarantarka a LinkedIn, a wurin da aka rubuta Alumni, kuma ya fi sauƙin sarrafawa a kwamfuta. Nan za ka ga duk waɗanda suka zaɓi makarantar a shafinsu, kuma za ka iya tace su da garin da suke, inda suke aiki, abin da suka karanta da shekarun da suka yi. Ɗalibinmu zai buga kalmar solar, ya zaɓi Kano da Kaduna, ya taƙaita ga waɗanda suka gama shekara uku zuwa goma da suka wuce. Waɗannan nake ba da shawarar a nema, ba shugabannin kamfani ba. Ba su manta wahalar neman gurbi ba, sun san malaman da kake magana a kansu, kuma sun daɗe a wurin aiki har ana jin maganarsu. Ya fitar da mutum ashirin zuwa talatin a takarda, ya karanta shafin kowanne kafin ya tura masa saƙo.

Idan ka danna Connect, ka nemi Add a note ka rubuta 'yan kalmomi. Gurbin ƙarami ne ƙwarai, kuma mai asusun kyauta an iyakance masa yawan irin waɗannan saƙonni a wata, don haka ka tanade su ga waɗanda suka fi dacewa. Sauran ka tura musu buƙatar haɗuwa kawai, in sun karɓa sai ka rubuta musu, domin saƙo tsakanin waɗanda suka haɗu kyauta ne. Ga wanda ka tabbata Bahaushe ne, Hausa ta fi kai wa zuciya: "Assalamu alaikum Injiniya. Ni ƙaninka ne a sashen lantarki na BUK, aji huɗu. Ina neman gurbin SIWES a fannin sola daga Yuli. Don Allah wa ke kula da karɓar ɗalibai a wurinku? Na gode." Ga wanda ba ya jin Hausa, ka faɗi wannan da Ingilishi mai tsabta, ba da gajarce-gajarcen hira ba.

Ka lura ba a ce "a taimaka mini da aiki" ba. An yi tambaya ƙarama wadda mutum zai iya amsawa a cikin minti ɗaya ba tare da ya ɗauki alkawari ba. Saƙonnin da ke mutuwa ba amsa iri biyu ne: wanda ya ce "Salam" ya tsaya yana jiran a tanka, da wanda ya zuba labarin maraici da talauci a haɗuwar farko. Na farkon bai ba mutum abin amsawa ba, na biyun ya ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba, sai ya zaɓi shiru. Idan mako ɗaya ya wuce ba amsa, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, daga nan ka wuce. In kuwa ya ba ka sunan jami'i ko imel, ka tura wasiƙarka a ranar, ka ambaci wanda ya turo ka in ya yarda, sannan ka dawo ka gaya masa yadda ta kaya. Wannan godiyar ce take sa ya tuna da kai idan gurbi ya buɗe.

Duk wannan yana cin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara wata uku ko huɗu kafin lokacin fita, tun wasiƙar makaranta ba ta fito ba.

Za ka iya gane inda matsala take daga sashen Analytics na shafinka, wanda ke nuna yawan waɗanda suka leƙo da sau nawa ka fito a bincike. Idan ba ka fitowa a bincike, kalmomin fanninka ne babu a layin ƙarƙashin suna da sashen ƙwarewa. Idan ana leƙowa amma ba a karɓar buƙatarka, to shafin ne bai gamsar ba, ka koma kan hoto da layukan farko. Idan ana karɓa amma ba a amsa saƙo, tambayarka ce ta yi nauyi ko ba ta fito fili ba.

Tarkon da ke hanya

Inda mabuƙata suka taru, 'yan damfara ba sa nisa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko kuɗin tantancewa kafin a ba ka gurbin koyon aiki, ka bar shi. Haka wanda ya nemi lambar BVN ko lambar sirri da banki ya turo maka, ko wanda ya yi saurin janye ka zuwa WhatsApp ko Telegram alhali shafinsa sabo ne, ba tarihin aiki, imel ɗinsa kuma ba na kamfanin da yake iƙirari ba ne. Kada ka sa hoton katin makaranta, lambar NIN ko adireshin gida a shafinka. Ka kunna Two-step verification don kada a sace asusun.

Ɗalibai mata suna da ƙarin damuwa ta gaskiya, domin akwai mazan da ke mayar da dandalin wurin neman hira. Akwai saitin da ke taƙaita ganin hoto ga waɗanda aka haɗu da su kawai, akwai kuma Block da Report, kuma babu rashin ladabi a amfani da su. Duk ganawar da za a yi ta kasance a ofishin kamfani, a lokacin aiki, da sanin gida. Waɗannan matakan sun fi a ce 'ya mace ta ƙaurace wa dandalin gaba ɗaya, domin ita ce ma yawo kamfani-kamfani ya fi yi wa wuya.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Bankuna, kamfanonin sadarwa, kamfanonin fasaha, manyan masana'antu da ƙungiyoyin agaji suna da ma'aikata da yawa a LinkedIn. Amma ƙananan masana'antu da garejoji da gonaki da ofisoshin gwamnati na jiha da yawa a Arewa ba su san da zamansa ba, kuma wasu daga cikinsu nan ne ake koyon aiki na haƙiƙa. Saboda haka kada ka ajiye fayil ɗinka. Ka ci gaba da kai wasiƙa da ƙafarka, ka tambayi malamanka da jami'in SIWES na sashenku inda 'yan ajin bara suka yi nasu, kuma duk gurbin da ka samu ta intanet ka kai takardar amincewarsa ofishin SIWES a tabbatar ya dace da karatunka kafin ka fara.

Ga malamai da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na sassa, roƙona shi ne a ware rana ɗaya a zangon farko na aji uku, a zaunar da ɗalibai a ɗakin kwamfuta, kowa ya buɗe shafinsa, ɗan'uwansa ya karanta masa ya gyara. Ga waɗanda suka riga suka kama aiki kuma, idan saƙon ƙaninku ya shigo yana tambayar wa ke karɓar ɗalibai a wurinku, don Allah ku ba shi amsa, ko da amsar ita ce bana babu gurbi.